Shirun Da Ke Gaban Dariya

Kin san labarin marowacin da ya faɗa rijiya? Jama'a na ta ihu, "Kawo hannunka!" ya ƙi miƙowa. Sai matarsa ta iso.

Gwanar ba da labari nan take tsayawa. Ta gyara ɗankwali, ta dube mu ɗai-ɗai, kamar numfashi biyu, sannan ta sassauta murya: "Malam bai san kawo ba, ku ce masa ungo." Wannan shirun shi ke ɗana tarkon. In ya gaza, ba a gama hango mutumin cikin ruwa ba. In ya zarce, wata ta riga ta canka.

To a takarda fa? Ido ba ya jira, tun ana "kawo" ya hango "ungo" a ƙasa. Abin da ke ba ni haushi da mu marubuta, sai mu cike gurbin da "nan fa kowa ya kwashe da dariya", har da bayanin wai rowa ce. Haba! Ni dai sabon layi nake buɗewa, in sa matar ta ajiye tulunta tukuna, in bar "ungo" ta zama kalmar ƙarshe.