Jinjina ga malaman addu'a a bidiyo

Jinjina ga malaman Islamiyya masu haɗa bidiyon addu'o'i, irin waɗanda iyaye ke tura wa juna ta waya daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa. Salon makarantar allo suka ɗauko: malam ya biya, yara su amsa. Gwani yakan yanka addu'ar shiga banɗaki gaɓa uku, ya maimaita kowace sau uku, sannan ya haɗa su. Bayan kowace gaɓa yakan yi shiru daidai tsawonta, don yaro ya samu sararin amsawa. Rubutun layi ɗaya ne, da manyan baƙaƙe masu wasali. Sai dai waya ba ta jin kuskure, don haka sauraron haddar yaro aikin iyaye ne.