Tsawa da Gadon Sarauta: Bitar Wani Ra'ayi a Fagen Kwatanta Addinai

Tun a ƙarni na 19 wasu masanan Turai, musamman Bajamushen nan Adalbert Kuhn, suka riƙa mayar da asalin tatsuniyoyin gumaka ga hadari da tsawa. A kan wannan tushe aka gina wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a littattafan kwatanta addinai. Ra'ayin yana cewa mutanen dā sun firgita da aradu, sai suka ƙaga mata abin bauta, suka naɗa shi sarkin gumaka kuma alƙalin mutane, kamar Zus na Girkawa da Jufita na Rumawa. Wannan bayani ya fayyace dalilin tsoro, amma ya gaza nuna yadda tsoro ya rikiɗe ya zama hukunci. Aradu ba ta tantance mai laifi, domin kuwa tana faɗa wa bishiya da saniya da jariri. Saboda haka dole ne a sami wani mai iko a cikin al'umma da zai ce wannan faɗuwa sakayya ce.

Shango na daular Oyo misali ne da ke fito da wannan giɓi fili. A ruwayar da Samuel Johnson ya tattara a littafinsa na tarihin Yarabawa, wanda aka buga a 1921, Shango sarki ne daga cikin Alafin na farko-farko, kuma mahaifiyarsa 'yar Sarkin Nufe ce. An ce ya gwada wani asirin kiran aradu, sai ta faɗa wa fadarsa, ta hallaka matansa da 'ya'yansa. Ya bar gadon sarauta, ya rataye kansa a Koso. Magoya bayansa suka ƙaryata hakan, suka ce sarki bai rataye kansa ba, suka mayar da shi abin bauta. Abin lura shi ne Yarabawa suna da abin bautar tsawa mai suna Jakuta tun kafin wannan, wanda daga baya Shango ya mamaye matsayinsa. Ke nan tsoron tsawa ya riga Shango, kuma abin da ya zo da shi sabo shi ne ɗaure wannan tsoro a jikin fada.

Tsarin aikin ya ƙara tabbatar da haka. Idan aradu ta faɗa wa gida, ana ɗaukar mai gidan a matsayin wanda ya yi sata ko ƙarya ko rantsuwar zur. Bokayen Shango sukan zo su tono dutsen da suke cewa shi ne ya faɗo, irin wanda Hausawa ke kira gatarin aradu, alhali kuwa gatarin dutse ne na mutanen zamanin dā. Sai an biya tara kuma an yi tsarki kafin iyalin su koma gidansu. A nan babu shaida, babu tuhuma, masifar ita ce hujjar laifin. Ga shi kuma ana kai sabon Alafin wurin bautar da ke Koso yayin naɗinsa, bautar kuwa ta bazu ne tare da ikon Oyo a kan garuruwan da ke ƙarƙashinta. Wanda ya ji tsoron Shango, Alafin ya ji wa tsoro.

Rauni na biyu shi ne yi wa al'ummu kuɗin goro. A kan dutsen dokokin Hammurabi na Babila, wanda aka sassaƙa a ƙarni na 18 kafin miladiyya, sarki yana tsaye ne a gaban Shamash, abin bautar rana, wanda suke jingina wa adalci. Adad, mai hadari, an kira shi a ƙarshen rubutun domin ya hana ruwa ga duk sarkin da ya sauya dokokin. A tsofaffin waƙoƙin Indiya, Indira mai aradu sarki ne kuma mayaƙi, amma Baruna ne mai tsare gaskiya da alkawari. A arewacin Turai kuwa Tor ke riƙe da guduma, sarautar gumaka tana hannun Odin. Haka Ba'al na Kan'aniyawa, wanda Alƙur'ani ya ambata a ƙissar Annabi Ilyas (AS), sarauta ya yi yaƙi a kanta a rubuce-rubucen Ugarit, amma tsohon gunkinsu El ne aka siffanta da hikima.

Saboda haka ya kamata a taƙaita ra'ayin. Alaƙar tsawa da ƙarfi ta game al'ummu da yawa. Alaƙarta da adalci kuwa takan yi ƙarfi ne inda wata fada ko ƙungiyar bokaye ta mallaki ikon fassara masifa. Mai nazarin kowane irin wannan gunki zai fi samun haske idan ya tambayi wa ke yanke cewa wanda aradu ta faɗa wa mai laifi ne, kuma hannun wa tarar take shiga.