Tulun Ruwa Don Fatalwa

Ana yawan cewa a salon labarin da ke cakuɗa zahiri da al'ajabi, dabarar ita ce kada kowa a cikin labarin ya yi mamaki. Ni dai ina ganin wannan rabin magana ce, kuma ita ke ɓata wa sababbin marubuta aiki. Sai ka karanta labari mace ta rikiɗa ta zama tsuntsuwa, miji ya ɗaga kai ya dube ta, ya ci gaba da shan furarsa. An kashe mamaki kam, amma an haɗa da mijin an kashe, domin ya zama gunki.

Mu duba yadda Gabriel García Márquez, ɗan ƙasar Kolombiya, ya yi a littafinsa na 1967, wanda sunansa da Hausa zai zama Shekara Ɗari na Kaɗaici. José Arcadio Buendía ya soke wani mutum, Prudencio Aguilar, da mashi a maƙogwaro, saboda baƙar maganar da ya gaya masa bayan faɗan zakaru. Wani dare matarsa Úrsula ta fito tsakar gida shan ruwa, sai ta tarar da mamacin a gindin tulu, yana ƙoƙarin toshe raunin maƙogwaronsa da ciyawa. Tausayi ne ya kama ta. Da ta fahimci ruwa yake nema, sai ta jera masa tuluna a ko'ina cikin gidan.

A nan aikin yake. Úrsula ba ta tsaya tambayar ko matattu na dawowa ba, amma kuma ba ta kau da kai ba. Ta ɗauke shi a matsayin baƙon da ke da buƙata, kuma buƙatar ta fito ne daga irin mutuwar da ya yi: mashi, maƙogwaro, rauni, ruwa. Sannan abin ya ci musu wani abu. Barci ya gagare su, har suka tattara suka bar garinsu, kuma wannan ƙaura ce ta haifi Macondo. Cire fatalwar nan, babu littafin.

Haka ma ranar da Remedios kyakkyawa ta tashi sama ana cikin ninke zannuwan gado a lambu. Fernanda, mai zannuwan, ta daɗe tana roƙon Allah Ya dawo mata da kayanta. Abin dariya ne, amma ya tona mana halinta fiye da shafi goma na bayani. Kuma a lura, ba kowa ne ya gaskata ba: baƙin garin sun ce dangi ne suka ƙago labarin don rufin asiri. Ko a Macondo akwai 'yan tsegumi, kuma tsegumin nasu ya ƙara wa abin kamar gaske.

To, ina mamakin ya tafi? Marubucin sauya masa mazauni ya yi. Mutumin da fatalwa ta kwana a gidansa shi ne ya ga ƙanƙara a karon farko ya ɗauka lu'ulu'u ne mafi girma a duniya. Mutanen garin sun karya kujerun gidan silima saboda ɗan wasan da suka yi wa kuka ya mutu a fim ɗaya, ya dawo da ransa a na gaba. Sun san mamaki sarai, abin da ke ba su shi ne ya bambanta da namu. Ta haka mai karatu ke gane cewa mutanen suna da ma'auninsu, ba sakarci ke damunsu ba.

Ga mai rubutu da Hausa akwai tarko biyu. Na farko tatsuniya. Gizo na magana ba wanda ya damu, amma tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" an sallami duniyarmu, ba mai jiran kuɗin haya ko ranar kasuwa. Wannan salon kuwa yana buƙatar duniyar ta tsaya da nauyinta, har a san farashin zanen da ya tashi sama. Na biyu aljani. Yawancin masu karatunmu ba su ɗauke shi abin da ba ya yiwuwa ba, kuma sun san matakin da ake ɗauka: a tofa addu'a, a kira malami, a yi ruƙiyya. Idan ka sa aljani a zaure kowa ya yi shiru, mai karatu zai ce mutanen gidan nan ba su da hankali, ko kuma marubucin bai san garin ba.

Saboda haka idan labari irin wannan ya zo hannuna, nakan tsallake wurin al'ajabin in karanta shafin da ke binsa. Idan rijiyar gida ta fara magana, ina son in ga wa ya daina jan ruwa da dare don kada ta faɗi sirrinsa, da maƙwabciyar da ta fara turo 'yarta da guga alhali tana da tata rijiyar.