Yadda gwanar tantancewa ke fitar da mutum shida daga takardu ɗari biyu

A ce wata ƙungiya mai aikin lafiya a Kano ta sa tallar neman akanta guda ɗaya, kafin ranar rufewa takardun sibi 200 sun shigo. Kwamitin intabiyu ba zai iya ganawa da fiye da mutum shida ba. Wanda bai san aikin ba zai fara buɗe takardun nan take, ya riƙa ajiye wanda ya burge shi a dama, wanda bai burge shi ba a hagu. Kafin ya kai ta hamsin ya gaji, kuma abin da ya burge shi da safe ba shi ke burge shi bayan la'asar ba. Jami'ar da ta goge kuwa ba ta taɓa takarda ko ɗaya sai ta gama da tallar aikin, kuma nan ne gwanintarta take ba ni sha'awa.

Tana karanta tallar da biro a hannu, tana raba abin da ke ciki gida biyu. Akwai sharuɗɗan da babu su babu magana: digiri ko babbar difloma a fannin akanta, shaidar kammala yi wa ƙasa hidima ko takardar ɗauke ta, da aƙalla shekara uku a bakin aiki. Waɗannan ba a ba su maki, amsarsu e ko a'a ce. Da su take yin zagayen farko, wanda ke tafiya da sauri. Amma ko a nan tana taka-tsantsan, domin duk abin da aka mayar wajibi ƙofa ce aka rufe. Idan talla ta ce shaidar ICAN ko ANAN ƙarin daraja ce, ba ta yarda kowa ya mayar da ita sharaɗi don kawai a rage yawan takardu.

Sauran abubuwan su ne ake aunawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Sai ta je wurin shugaban sashen kuɗi ta ce, "Yallaɓai, idan sabon ma'aikacin nan ya gaza a wata ukun farko, a wane aiki ne gazawar za ta fi yi mana ciwo?" Idan ya ce rahoton kuɗi ga masu ba da tallafi, to wannan ya ɗauki 40 cikin 100. Iya aiki da QuickBooks ya samu 30, daidaita littafin ofis da takardar banki 20, shaidar ƙungiyar ƙwararru 10. Ana rubuta wannan a sa hannu tun ba a ga sunan kowa ba. Mai awo a Dawanau ba ya canza kwano don ya ga fuskar mai saye, kuma da zarar an ga sunan ɗan wani kafin a tsayar da ma'auni, ma'aunin zai fara lanƙwasa ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Abin da ya fi ɗaukar mata lokaci shi ne rubuta ma'anar kowane maki. Sifili, babu alamar abin a takarda. Ɗaya, ya ambaci sunansa kawai. Biyu, ya yi aikin a ƙarƙashin wani. Uku, shi ya riƙe aikin da kansa kuma ya faɗi inda ya yi da tsawon lokacin. Wannan bambancin tsakanin ɗaya da uku shi ne zuciyar sana'ar. Masu neman aiki da yawa suna kwafe kalmomin talla su zuba a takardarsu, sai ka ga QuickBooks a jerin ƙwarewa amma babu shi a ko ɗaya daga wuraren da mutum ya yi aiki. Wata kuma ba ta iya tsara takarda ba, rubutun a cunkushe, amma a layi na huɗu ta ce ita ke haɗa rahoton kowane wata uku na wani shirin riga-kafi har shekara biyu. Gwana tana ba na farko ɗaya, ta ba ta biyun uku, ba ta barin kyan shafi ya ja idonta.

Wasu ma suna rufe suna da hoto, su ba kowa lamba. Akwai dalili. A wani bincike da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, sun aika takardun neman aiki ga kamfanoni a Boston da Chicago, suna sauya suna kawai, sai takardu masu sunayen da aka fi sani da fararen fata suka samu kira fiye da masu sunayen baƙar fata da kusan kashi 50 cikin 100. A wurinmu suna yakan nuna gari da addini da ƙabila, saboda haka lamba ta fi zama adalci.

A Excel take jera makin, nauyin kowane ma'auni a layi na biyu, masu nema a ƙasa, jimilla kuma ta fito da wannan:

```
=SUMPRODUCT($B$2:$E$2,B3:E3)/3
```

Ga yadda layi uku za su kasance:

| Lamba | Rahoto (40) | QuickBooks (30) | Banki (20) | Shaida (10) | Jimilla | Dalili |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 017 | 3 | 2 | 3 | 0 | 80 | Ta riƙe rahoton tallafi shekara biyu, ita ke daidaita asusu duk wata. Babu ICAN |
| 052 | 2 | 3 | 2 | 1 | 73 | Shi ya kafa QuickBooks a ofishinsu. Rahoto a ƙarƙashin wani. Ɗalibin ICAN |
| 104 | 1 | 1 | 2 | 3 | 47 | Cikakken mamban ANAN, shekara goma. Duk aikinsa binciken littattafai ne, bai haɗa rahoton tallafi ba |

Lamba 104 shi ne wanda kowa zai zaɓa da ido, ga shekaru ga shaida. Jadawalin bai ce ba ƙwararre ba ne, ya ce ƙwarewarsa ba ita wannan kujera ke buƙata ba. A ganina layin dalilin ya fi makin kansa daraja. Idan shugaba ya zo ya ce, "Hajiya, ya aka yi wannan bai shiga ba?" ba sai ta yi dogon bayani ba, ta nuna masa layin, ya buɗe takardar ya duba da kansa. Dalili mai kyau abu ne da wani zai iya tabbatarwa daga takarda. Idan ka ga an rubuta "ya dace sosai" ko "ba shi da ƙarfi", to ra'ayi aka rubuta, kuma makin da ke gefensa ma abin shakka ne.

Tana da hanyoyin gane ko hannunta ya karkata. Kafin ta nutsa, takan ba abokin aikinta takardu goma ya auna shi kaɗai, su kwatanta. Idan sun saɓa da maki biyu a ma'auni ɗaya, ba mutum ake zargi ba, ma'anar makin ce ba ta fito fili ba, sai a gyara ta. Bayan ta gama kuma takan koma ga goman farko, domin sau da yawa mutum yakan fara da tsauri ya ƙare da sassauci, ko akasin haka. Idan kuma kusan kowa ya samu biyu a wani ma'auni, wannan ma'aunin bai raba kowa da kowa ba.

Ba ta kuma ɗora wa jadawalin abin da ba zai iya ɗauka ba. Mai 73 da mai 70 ba a ce ɗaya ya fi ɗaya ba, maki guda a ma'aunin shaida kaɗai ya kai wannan tazara, don haka idan suna kan iyakar shiga takan sake karanta su biyun, ko ta roƙi a gayyace su duka. Takarda kuma abin da mutum ya faɗa game da kansa ne. Shi ya sa a ƙasan kowane suna cikin shidan take barin wa kwamiti tambaya guda: a ce wa 017 ta bayyana yadda ta taɓa gano saɓani tsakanin littafi da banki, a zaunar da 052 gaban kwamfuta ya shigar da rasit biyar a QuickBooks, a kuma kira wurin da kowannensu ya yi aiki na ƙarshe kafin a ba da takardar kama aiki.