'Yar Parsons da ramin makulli

Akwai wani hukunci da ake yi wa littattafan da ke hasashen ƙasar zalunci, kuma ya sake tasowa a zaman nazarinmu na Dawakin Kudu lokacin da muka ɗauki 1984 na George Orwell. Wai tatsuniyar na'urori ce ta Turawa, babu ruwan mai noman tumatir a Kadawa da ita. Wani malami a cikinmu ya ƙara da cewa: "Malam, littafin da ya ƙare jarumi ya miƙa wuya, me zai koya wa yara ban da karaya?" Ban yarda da ko ɗaya ba.

Salon ba baƙonmu ba ne. Yevgeny Zamyatin ya share fage a Rasha, Aldous Huxley ya biyo a 1932, Orwell ya fitar da nasa a 1949. Mu kuwa tun 1975 Bala Abdullahi Funtua ya ba mu Gandun Dabbobi, kuma babu wanda ya ce Turawa kaɗai ya shafa.

Masu batun na'ura sun tsaya ne a kan allon nan na bango da ke gani kuma yake ji. Amma Orwell ya bayyana cewa babu mai sanin lokacin da ake kallonsa, kuma rashin sanin ne ke aikin. Kamar mutum-mutumi ne a gonar shinkafar Kura: bai taɓa jifan tsuntsu ba, amma ya hana shi sauka. Gwanintar Orwell ta fi fitowa a wani wuri da masu sharhi kan tsallake, wato gidan Parsons, maƙwabcin jarumin littafin, Winston.

A duba yadda aka gina shi. Tun farkon littafi matar Parsons ta roƙi Winston ya gyara mata magudanar wanke-wanke da ta toshe. Da ya gama aikin, ɗanta mai shekara tara ya auna shi da bindigar wasa yana kiransa maci amana, da zai fita kuma ya harbe shi da danƙo a ƙeya. Abin da Winston ya lura da shi fuskar uwar ce: tsoron 'ya'yanta take yi. Daga baya, a wurin cin abinci, Parsons na alfahari cewa 'yarsa ta bi wani mutum har awa biyu don kawai takalminsa baƙo ne, ta miƙa shi ga 'yan sintiri. Ya kuma ba da labarin wani bututun saurare da ake ba yaran, wanda ake ɗorawa a ramin makulli. Mai karatu ya yi dariya ya wuce.

Sai a kashi na uku, Winston na tsare, aka turo Parsons ɗakin. Laifinsa, wai ya zagi shugaban jam'iyya, Babban Yaya, cikin barci, 'yar tasa mai shekara bakwai ta ji ta ramin makulli ta kai ƙara. A nan muka fi daɗewa a zamanmu, domin Orwell bai taɓa nuna mana daren ba. Ba mu ji zagin ba, shi ma Parsons bai ji ba. Shaidar yarinya ce kawai, yarinyar da aka horar ta nemo maƙiyi. Duk da haka bai musa ba. Ya yarda yana da laifi, domin a ganinsa jam'iyya ba ta kama marar laifi, yana alfahari da tarbiyyar 'yarsa, har yana shirin gode wa alƙalai da suka cece shi da wuri. Winston sai da aka azabtar da shi, aka kai shi ɗaki mai lamba 101 aka nuna masa ɓeraye, kafin ya bayar da masoyiyarsa Julia. Parsons kuwa ya riga ya gama karyewa tun yana gida.

Wannan ita ce amsata ga malamin. Da jarumi ya yi nasara, da mai karatu ya rufe littafi hankalinsa kwance, yana ganin shi ma da haka zai yi. Orwell ya hana shi wannan hutun, ya ajiye masa maƙwabci mai kirki, mai tara kuɗin jam'iyya, wanda ya fi kama da yawancinmu.

Shi ya sa nake ganin Bakano ya fi Bature saurin gane littafin. Bayan kafa NEPU a 1950, babu kyamara ko ɗaya a ƙauyukan Kano, amma maganar da mutum ya yi a majalisa takan riga shi isa wajen dagaci, daga nan sai ɗan doka da gaban alƙali. A shekarar 1984 ɗin kanta, Doka ta 2 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, Doka ta 4 kuma ta kai 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku. Yau da aka haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, mutane na tsoron na'ura, alhali wanda ke ɗaukar hoton saƙonka daga zauren WhatsApp na unguwa ya tura gaba, kai ka ba shi lambarka.