Inda "eh" ta ɓace: yadda ake ɗinke bidiyon mai magana

Duk wanda ya saba kallon masu bayani a YouTube ko TikTok ya san wannan salon. Mutum na zaune gaban kyamara yana zuba magana ba inda-inda, ba "eh", ba gyaran murya, kamar an haife shi da jawabin a baki. Can sai fuskarsa ta matso ta cika allo, bayan jimla biyu ta koma inda take. Mai kallo zai ɗauka kyamara biyu aka kafa. Galibi ɗaya ce tak, kuma matsowar nan faci ne da edita ya yi a inda ya yanke wani abu.

Idan aka cire daƙiƙa ɗaya daga tsakiyar hoton da kyamara ba ta motsa ba, bango yana nan inda yake, kujera ma haka, amma kan mai magana sai ya yi tsalle daga nan zuwa can. Masu sana'ar na kiran wannan jamf-kot, wato yankan tsalle. Masu shirya fim sun daɗe suna ɗaukarsa kuskure, har suka kafa ƙa'idar cewa kyamara ta kauce da aƙalla digiri 30 tsakanin hotuna biyu na mutum ɗaya. A 1960 Jean-Luc Godard ya take wannan ƙa'ida da gangan a fim ɗinsa À bout de souffle, inda aka ga kan Jean Seberg yana ta tsalle a cikin mota. Shekaru 46 bayan haka, a 2006, Ze Frank ya fara shirinsa na intanet da fuska dab da kyamara da yanka kan yanka, masu bidiyon ɗaki kuma suka bi sahu.

Mai kyamara ɗaya ba shi da digiri 30 da zai kauce. Abin da yake da shi girman hoto ne. Idan fuska ta ƙaru sosai daidai wurin yankan, ido zai ɗauka an koma wata kyamara ce, ya yafe tsallen. Idan ƙarin kaɗan ne, kamar kashi 5 cikin ɗari, sai abin ya fi muni, domin hoton zai yi kamar ya zabura. Shi ya sa editoci da yawa ke farawa daga wajen kashi 20 zuwa sama.

Zum yana da farashi, kuma da fiksel ake biya. Hoton 1080p faɗinsa fiksel 1920 ne, tsayinsa 1080. Wanda ya faɗaɗa shi zuwa kashi 120 ya rage wa kansa 1600 da 900, wanda da wuya a lura da shi a waya. In ya kai 150, saura 1280 da 720, gashin gira da zaren hula sun fara dusashewa. Dabarar ita ce a ɗauka da 4K, mai 3840 da 2160, a fitar da 1080p. A Premiere Pro, irin wannan hoton yana cika allo ne idan Scale yana kan 50. A kai shi 60, an matso da kashi 20. Ko an kai 100, fiksel ɗaya bai yi ciwo ba.

A ɗauki misalin malamin gona da ke bayanin takin masara, ya ce: "To, eh, maganar taki, wato, ka gane, ba a zuba shi kan ganye, eh, a gindi ake sa shi, amma fa ba a jikin kara ba." Sabon edita zai ga shara iri-iri a nan, ya kwashe duka. Gwani kuwa sai ya tsaya ya tantance. "To" ta farko ƙofar magana ce, da ita Bahaushe ke sanar da cewa ya shiga sabon batu, don haka za ta zauna. "Fa" ta ƙarshe ita ce gargaɗin kansa. In aka cire ta, jan kunne ya koma labari. Haka "dai" da "kam" da "kuwa" suke: gajeru ne, amma kowacce da aikinta. Abin cirewa uku ne: "eh" biyu, da "wato, ka gane".

Yanka uku ke nan cikin jimla ɗaya, kuma a nan ake gane hannu. In aka sa zum a kowanne, hoton zai shiga, ya fita, ya sake shiga cikin 'yan daƙiƙu, mai kallo ya ji jiri. Gwani zai bar "eh" ta farko in gajera ce, ko ya danne sautinta kawai idan leɓe bai buɗe sosai ba. Zum ɗaya zai sa, daidai kan "ba a zuba shi kan ganye", domin nan ne maganar ta yi nauyi, matsowar fuska kuma ta zo da dalili. Yanka na uku sai ya rufe shi da hoton hannu yana sa taki a gefen shuka, muryar na tafiya a ƙarƙashi.

Bayan Scale sai Position. Idan aka faɗaɗa hoto daga tsakiya, idanun mai magana kan hau sama, hula ta kusa fita daga allo. Edita zai ja hoton har idanu su sauka kusan inda suke kafin yankan, domin can idon mai kallo yake jira. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗora yatsa kan allo tsakanin idanun, a wuce yankan, a ga ko suna nan kusa da yatsan.

Amma kunne ya fi ido saurin kama edita. A bidiyon firam 25 a daƙiƙa, kowane firam ɗaya bisa 25 ne na daƙiƙa, kuma firam biyu sun isa su gutsure bakin kalma, "shi" ta fito ba kai. Ana barin ɗan numfashi kafin kalma, a narkar da sautin ɓangarorin biyu cikin juna na firam ɗaya ko biyu don kada a ji ƙas. Ana kuma ɗaukar shirun ɗakin na rabin minti, domin ƙarar fanka ko janareta da ta ɗauke ta dawo tana tona asirin kowane yanka. Hausa tana da nata tarkon: muryar mai magana kan gangara sannu a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta. In aka haɗa wutsiyar wata jimla da kan wata ba hutu, murya za ta yi tsalle sama, kuma babu zum da zai ɓoye wannan.

Akwai kayan aikin da ke ƙoƙarin narkar da fuska cikin fuska, kamar Morph Cut na Premiere Pro da Smooth Cut na DaVinci Resolve. Suna aiki idan kai bai motsa sosai ba. In hannu ya gilma, sai a ga yatsu suna narkewa.

Masana harshe ma suna da ta cewa. A 2002 Herbert Clark da Jean Fox Tree sun nuna cewa a Ingilishi "uh" tana sanar da gajeren jinkiri, "um" kuma mai ɗan tsawo, wato sanarwa ce ga mai sauraro cewa tunani na tafe. Wannan ya sa bidiyon koyarwa ke jure yanka sosai, amma hira da wanda ake tuhuma ko wanda ke ba da shaida ba ta jurewa. Jami'in da ya yi shiru na daƙiƙa huɗu kafin ya amsa tambaya, in aka yanke shirun aka rufe da zum, ya koma mai amsa nan take, kuma mai kallo ba shi da hanyar sanin an taɓa wurin. Saboda haka wasu masu shirin gaskiya ke barin tsallen a fili, ko su sa ɗan farin walƙiya a wurin, don a ga cewa an cire wani abu tsakanin tambayar da amsar.