Abubakar Uku a Labari Ɗaya

Wani tsohon ɗan jarida da nake ganin girmansa ya ji muna shirya takardar salon gida don sabon ɗakin labaranmu, sai ya yi dariya ya ce aikin banza ne. Hujjarsa ita ce an gama da ƙa'idojin rubutun Hausa tun kafin a haife mu, wanda bai iya ba ya koma makaranta. Gaskiya ne an yi aiki. Hanns Vischer ya fitar da dokokinsa a 1912, haruffa masu lanƙwasa sun zauna a zamanin Rupert East, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 ta kai su ko'ina, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980. To amma a cikin tarukan nan kaf babu wanda ya gaya wa mai tace labari, da ƙarfe tara na dare, ko Zinder zai rubuta ko Damagaram. Ƙa'ida tana da iyaka. Inda ta yi shiru, ko ta ba da hanya biyu, nan ne gida yake yanke wa kansa hukunci, kuma takardar salo ba komai ba ce illa wurin ajiye hukuncin don kada a sake gardamarsa gobe.

Mu yadda muka yi, ba mu fara da buɗe littafin nahawu ba. Mun tara labaran gwaji na kwana goma, muka bi su da jan biro, duk kalmar da ta fito da fuska biyu muka fitar da ita gefe. Abin da ya taru bai wuce shafi huɗu ba, kuma ina ganin takardar da ta wuce haka aljihun tebur za ta kwana.

Ɓangaren rubutu ne mafi gajarta, domin yawancinsa tuni ne kawai. Ana haɗe yana da yake da yakan, ana raba za su da da ke. A kan tebur daban, akan yi daban. Gidansa a haɗe, ya ba shi a rabe. Kuma babu labarin da zai wuce ba tare da lanƙwasa ba, ko da wakili daga waya ya turo shi. Misali ɗaya muka sa a takardar, ya ishe mu: "Kwamishina ya bata miliyan goma." In ba ta ya yi, kyauta ce ga wata baiwar Allah, in ɓata ya yi, magana ce ta kotu. Sarari ɗaya da lanƙwasa ɗaya ne tsakanin yabo da takardar lauya. Zaɓi na gaske a wannan sashe guda ne, tsakanin 'y da aka saba a Najeriya da ƴ da aka saba a Nijar. Duka daidai ne. Ni na fi son ƴ, don alamar ɗauri ta gaban y tana yawan faɗuwa ko ta juya baya a kanun labari, amma abokan aikina suka rinjaye ni da cewa idon mai karatunmu ya fi sabawa da 'y, muka tsaya a kanta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne gaurayawa, domin wanda ya nemi 'yan a rumbun labarai ba lallai na'ura ta kawo masa ƴan ba.

Sunayen garuruwa ma ba su ba mu wahala sosai ba. Gari na masu harshe ne, don haka Sakkwato, Zariya, Haɗeja, Maraɗi, Tawa, Yamai. Sunan mutum kuwa nasa ne, yadda ya rubuta haka za mu rubuta, sai dai mu mayar masa da lanƙwasar da keken rubutun Turawa ya cinye: Ɗangote, Tafawa Ɓalewa. Wannan yakan haifar da jimla mai ban haushi, a ce Alhaji wane Funtua ya isa Funtuwa. Na yarda ba ta da kyan gani, na kuma gwammace ta a kan in gyara wa mutum sunan da ke jikin takardunsa. Haka muka bar Mahamadou Issoufou da rubutunsa na Faransanci, ko da yake na san masu cewa a mai da shi Isufu suna da yawa. Sai gargaɗi ɗaya ga sabon shiga mai zumuɗin lanƙwasa: Ƙanƙara tana da biyu, Daura ba ta da ko ɗaya.

Amma abin da ya sa nake kare wannan takarda, abin da dattijon nan bai duba ba, shi ne ambato na biyu.

A labari, karon farko akan kawo cikakken sunan mutum da muƙaminsa. Daga nan sai a taƙaita. Jaridun Ingilishi suna da doka mai sauƙi, a ɗauki sunan ƙarshe. Yaranmu da suka koyi aiki ta fassarar labaran kamfanonin dillancin labarai sukan kwaso dokar da ƙafarta, kuma a nan ake gane Hausar da aka fassaro ko da kowace kalma daidai take. Ɗauki labarin yarjejeniyar zaman lafiya da 'yan takara suka sa wa hannu a Abuja gabanin zaɓen 2019. Shugaban kwamitin shi ne Janar Abdulsalami Abubakar. Ɗan takarar PDP shi ne Atiku Abubakar. Cikin 'yan kwamitin akwai Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Yanzu rubuta sakin layi na uku da dokar sunan ƙarshe: "Abubakar ya buƙaci 'yan takara su kiyaye alkawari." Wane Abubakar? Babu Bahaushen da ya taɓa kiran ko ɗayansu da wannan suna shi kaɗai. A bakin mutane Abdulsalami ne, Atiku ne, Sarkin Musulmi ne. Biyu da sunan farko, ɗaya da sarauta, kuma a labarin nan ɗin dai abokin karawar Atiku ana ce masa Buhari, da sunan baya. Mutum huɗu, hanya uku.

Dalilin ba boyayye ba ne. Abin da ke bayan sunan Bahaushe ba sunan dangi ba ne irin na Turawa. Wani sunan mahaifi ne, wani sunan garin da aka liƙa masa a rajistar makarantar kwana, wani laƙabi, wani sarautar uba ko kaka. In sunan bayan ya kasance na kowa da kowa, kamar Abubakar ko Muhammad ko Bello, ba ya rarrabe kowa, sai jama'a su koma ga na farko. Shi ya sa Murtala ake cewa, ba Muhammed ba, kuma Ahmadu Bello Sardauna ne har gobe. In sunan ƙaramin gari ne ko wanda ba a cika jinsa ba, sai ya kama mutumin: Shagari, Rimi, Kwankwaso. In garin ya fi ƙarfin mutum, ba ya kamuwa. Gwada rubuta "Kano ya ce" kana nufin Malam Aminu Kano ka ji yadda take sauka a kunne. Tafawa Ɓalewa kuma sunan gari ne mai kalma biyu, gutsure shi zuwa Ɓalewa ɗabi'ar Ingilishi ce da ba mu ɗauka ba. 'Yar'adua ya isa ga Umaru Musa idan shi kaɗai ne a labarin, da zarar yayansa Shehu ya shigo sai a koma Umaru da Shehu. Ga mata abin ya fi muni, domin sunan bayan na uba ne ko na miji, sai ka ga an rubuta sunan namiji an bi shi da "ta ce". Mu Hajiya wance muke rubutawa, ko Malama wance, ko muƙaminta.

Wasu za su ce ai ga doka nan na fitar da bakina, a rubuta ta a huta. Ba ta kai doka ba, bayani ne na abin da ya riga ya faru. Ba ta iya gaya maka yadda za a kira sabon kwamishinan da aka rantsar jiya. Wannan sai an tambaya: a kira wakilin da ke jihar, a ji yadda rediyon garin yake ambatarsa, a ji abin da mutanen ofishinsa suke ce masa, a kuma tace laƙabin da magoya baya suka raɗa da wanda 'yan adawa suka raɗa, domin duka biyun ba na jarida ba ne. Saboda haka zuciyar takardarmu jadawali ne mai gida biyar: cikakken suna yadda mai shi yake rubutawa, muƙami, ambato na biyu, inda aka tabbatar, da ranar da aka shigar. Mun fara da suna sittin, gwamnoni da sarakuna da manyan malamai da shugabannin maƙwabta.

Muƙamai sun bi wannan hanyar. A ambato na farko guda ɗaya muke ɗauka, wanda ya shafi labarin. In majalisa ake magana Sanata ya isa, Alhaji da Dakta da Injiniya da Garkuwan wani gari su jira ranar ɗaurin aure. Na sha waya daga masu taimaka wa manya a kan wannan, kuma amfanin takarda a irin lokacin shi ne edita ya ce dokar gida ce, haka muke yi wa kowa. Sarautu kuwa yadda fada take faɗa: Sarkin Zazzau, ba Sarkin Zariya ba, Shehun Borno, Lamiɗon Adamawa, Sarkin Gwandu, ko da yake a Birnin Kebbi yake zaune, Mai Alfarma ga Sarkin Musulmi, Mai Martaba ga sarakuna. Babban baƙi idan sarautar tana manne da ƙasarta, Wazirin Katsina, ƙaramin baƙi idan ita kaɗai ce a tsakiyar jimla, sarkin ya ce. A kula kuma da sarautar da ta zama suna, domin ba kowane Galadima ko Waziri ne aka naɗa wa rawani ba, wani gadon sunan kawai ya yi.

Gidan kwanan wata a jadawalin shi ne wanda aka fi raina, kuma Kano ta nuna amfaninsa. Mutumin da jaridu suka sani da Sanusi Lamido Sanusi a Babban Bankin Najeriya ya zama Muhammadu Sanusi II a 2014, aka sauke shi a 2020, aka mayar da shi a watan Mayun 2024, Aminu Ado Bayero kuma bai bar da'awar kujerar ba, magana ta tafi kotu. A wannan yanayi rubuta "Sarkin Kano" kaɗai ɗaukar ɓangare ne, ko wakili ya yi nufi ko bai yi ba. Kafafe da dama suka koma cewa sarki na 15 da sarki na 16. Ko gida ya bi wannan ko ya zaɓi wata hanya, ba hukuncin da za a bar wa yaron da ke aikin dare ba ne. Edita ne zai yanke, ya rubuta a layin mutumin, ya sa rana, ya bar tsohon hukuncin a ƙasa da layi a kansa, don wanda zai ɗauko labarin 2019 daga rumbu ya san abin da ake kiran mutumin a ranar da aka rubuta shi.